Me ya sa mai keke ya fi mai tafiya a ƙasa jin sanyin hunturu?

Da misalin ƙarfe shida da rabi na safe a watan Janairu, idan ka tsaya a bakin titin Sharaɗa za ka ga ma'aikatan kamfanoni suna wucewa a kan kekuna cikin hazo, wasu sun nufi Challawa, wasu sun nufi cikin gari. Kai da kake tsaye, suwaita ɗaya ta ishe ka. Su kuwa za ka ga sun ƙanƙame jiki, sun noƙe wuya, wani ya saki hannu ɗaya ya cusa a hammata, wani hawaye na gangaro masa ba don an ɓata masa rai ba. Gari ɗaya kuke, lokaci ɗaya, kuma da za a ɗaura wa kowa ma'aunin zafi, lamba ɗaya zai nuna. To daga ina ƙarin sanyin nasu ya fito?

Yayana ne ya sa na fara yi wa kaina wannan tambayar. Gidanmu yana kusa da Sharaɗa, kuma ya yi shekara biyu yana aiki a wani kamfani a Challawa, kullum a keke yake zuwa. Bara ya koma wani kamfanin robobi a Bompai. Keken bai canza ba, suwaitar da yake sawa ita ce dai, lokacin fita ma kusan ɗaya ne, amma da hunturu ya kama sai ya fara cewa sanyin Bompai daban ne. Ya sayi wata suwaita mai kauri ya ɗora a kan ta farko, abin bai yi sauƙi ba. Wata safiya ya dawo mana da labarin da ya tayar wa Innarmu hankali: wata babbar mota ta tsaya a gabansa ba zato, ya kai hannu zai matse birki, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa da wuri saboda sun sandare, da ƙafa ya ja ƙasa ya tsaya.

Da daddare ya ce mini, "Kai ɗan jami'a, ba ka ce kimiyya kake karantawa ba? Faɗa mini abin da Bompai ta fi Challawa da shi a sanyi."

Na ce, "Yaya, ba ni mako guda." Abin da na gano shi ne zan ba ku a nan, musamman ku da kuke zuwa makaranta a keke.

Rigar da ba a gani

Zafin cikin jikin mutum yana kusa da digiri 37, fatarsa kuma tana kusa da digiri 33 idan yana cikin jin daɗi. Safiyar hunturu a Kano takan sauko zuwa digiri 13 ko 14, a wasu ranaku masu tsanani ta kai 10 ko ƙasa da haka. Zafi kuwa kullum daga wuri mai ɗumi yake gudu zuwa wuri mai sanyi. Ke nan jikinka yana ta zubar da zafi ga iskar da ke kewaye da kai. Abin da muke kira jin sanyi shi ne saurin wannan zubarwar. Fata ba ta auna digiri kamar ma'auni, abin da take ji shi ne yadda zafi yake barinta, a hankali ko da gaggawa.

Idan kana tsaye kuma iska ba ta kaɗawa, jikinka yana ɗumama 'yar siririyar iskar da ke manne da fata. Wannan iskar ta zama kamar wata riga da ba a gani. Iskar da ke zaune wuri ɗaya ba ta wuce da zafi da sauri, don haka rigar tana rage maka asara. Da zarar iska ta kaɗa sai ta share wannan rigar, ta kawo sabuwar iska mai sanyi, jiki ya sake ɗumama ta, a sake sharewa. Haka za a yi ta yi.

Kowa a cikinku ya san wannan tun yana ƙarami. Idan aka ba ka koko mai zafi, me kake yi? Hura shi kake yi. Numfashinka ba ƙanƙara ba ne, yana da ɗumi ma, amma yana kore iska mai zafi da tururin da suka taru a kan kokon. Mai shayi da yake ɗaga kofi yana tsiyayo shayi daga sama cikin wani kofin, aikin da yake yi ke nan. Mai keke a safiyar hunturu shi ne kokon, gudun da yake yi shi ne hurawar.

A nan ne wani abu yake ruɗa mutane. Iska ba ta iya sanyaya busasshen abu ya wuce sanyinta ita kanta. Idan gari yana digiri 12, ƙarfen kekenka zai tsaya a digiri 12 ko da wane irin gudu ka yi. Abin da iska take yi shi ne gaggauta sanyayar abin da ya fi ta ɗumi. Ƙarfe ba shi da zafin da zai yi asara, kai kana da shi.

Sharaɗa zuwa Bompai, Sharaɗa zuwa Challawa

Jiki bai san bambanci tsakanin iskar da ta zo ta same shi da wadda shi ya kutsa cikinta ba. Idan gari ya yi tsit kuma kana gudun kilomita 20 a awa, to iska mai gudun kilomita 20 a awa ce take bugun ƙirjinka. Idan akwai iskar gari, sai a yi lissafi mai sauƙi: in ta gabanka take zuwa, ka tara gudunta da naka, in ta bayanka take, ka ɗebe.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso hamada, kuma yawancin ƙurar da take kawo mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Yanzu ku dubi taswirar Kano. Bompai tana arewa maso gabashin birni. Sharaɗa tana kudu maso yamma, Challawa kuma ta ƙara nausawa kudu, a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, wajen Panshekara. Wanda ya tashi daga Sharaɗa ya nufi Challawa da safe, iskar hunturu tana bayansa tana tura shi. Wanda ya nufi Bompai, gaba da gaba yake yi da ita.

Mu ɗauka Yaya yana gudun kilomita 20 a awa, iskar gari kuma tana kilomita 10 a awa. A hanyar Challawa, 20 a ɗebe 10, iskar kilomita 10 ce kawai take taɓa shi. A hanyar Bompai, 20 a tara da 10, ta zama 30. Ninki uku ke nan, da keke ɗaya da suwaita ɗaya. Bompai ba ta fi Challawa sanyi ba, alƙiblar tafiyar ce ta juya.

Da asuba sau da yawa iskar gari takan yi laushi, sai hantsi ya ɗaga take ƙarfi. Don haka a fitar sassafe, mafi yawan iskar da take dukan mai keke shi ne yake ƙirƙirar ta da ƙafafunsa. Gine-gine da kwanar tituna ma suna karkatar da ita, ba ko'ina lissafin yake fita daidai ba. Amma a dogon miƙaƙƙen titi da katangun kamfanoni suka yi wa shinge hagu da dama, za ka ji bambancin a ƙirjinka. Ku kuma tuna da masu aikin dare a Challawa: su da safe suke komowa gari, don haka su ne suke fuskantar iskar a gajiye, a daidai lokacin da gari ya fi sanyi, wato dab da fitowar rana.

Lissafin da ya fito daga ƙasar ƙanƙara

Masana sun daɗe suna son mayar da wannan abin lamba. Wasu Amurkawa biyu, Paul Siple da Charles Passel, sun yi gwaji a nahiyar Antatika a wajajen 1940. Suna zuba ruwa a wani ɗan gwangwanin roba su rataye shi a waje, su auna tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare a iska mai ƙarfi da mara ƙarfi. Sun wallafa sakamakon a 1945, aka yi shekaru ana amfani da shi. Matsalarsa ita ce gwangwani ba mutum ba ne. A 2001 hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fito da sabon lissafi, bayan an gwada shi a kan mutum 12 a birnin Toronto, suna tafiya a cikin wani ɗakin sanyi ana hura musu iska, an manna musu na'urorin auna zafi a fuska. Ga lissafin:

```
W = 13.12 + 0.6215T − 11.37V^0.16 + 0.3965TV^0.16
```

A nan T ita ce digirin da ma'auni ya nuna, V gudun iska ne a kilomita cikin awa, W kuma ita ce amsar: digirin da za a ce gari yana kai, ba tare da iska ba, kafin fuska ta yi asarar zafi da irin wannan saurin. Wayoyi da yawa suna nuna irin wannan lambar a shafin yanayi, ƙarƙashin rubutun `Feels like`.

Kada tsawonsa ya tsorata ku, kalkuletar da kuke shiga ajin lissafi da ita ta isa. Mu ɗauki safiya mai tsanani, digiri 10, a hanyar Bompai inda iskar ta zama 30. Da farko a ɗaga 30 zuwa 0.16 da maɓallin `x^y`, za a samu 1.723. Sai a tara 13.12 da 6.215, ya ba da 19.335. A ɗebe 11.37 sau 1.723, wato 19.59. A ƙara 3.965 sau 1.723, wato 6.83. Amsa ta fito kusan 6.6. A hanyar Challawa, inda iskar take 10, amsar 8.6 ce. Ɗan acaɓa ko duk wani mai babur da yake gudun kilomita 60 zai samu kusan digiri 5.

Ku lura da yadda lambobin suke tafiya. Daga iskar 10 zuwa ta 30 an yi asarar digiri biyu, amma daga 30 zuwa 60 digiri ɗaya da rabi kacal aka ƙara. Farkon iskar ce ta fi yin ɓarna, domin ita ce take yage rigar nan da ba a gani. Bayan an yage ta, ƙarin gudu kaɗan yake ƙarawa. Wannan yana nufin rage gudu daga 20 zuwa 15 ba zai cece ka daga sanyi ba, sai dai ya sa ka makara.

Lissafin yana da iyaka, kuma ya kamata ku san ta. An yi shi ne don digiri 10 zuwa ƙasa, da iskar da ta wuce kilomita 4.8 a awa. A safiyar da Kano take digiri 14, dalilin jin sanyin yana nan daram, amma lambar da lissafin zai bayar ba abar dogaro ba ce sosai. Sannan an gina shi a kan busasshiyar fuska da ba a rufe ba, babu rana, babu gumi.

Da na nuna wa Yaya takardar lissafin sai ya yi dariya. Ya ce, "Digiri biyu? Wallahi abin da nake ji ya fi digiri biyu." Kuma gaskiyarsa. Lissafin fuska kawai ya duba, bai san komai game da suwaitarsa ba.

Laifin suwaita

Ba zaren suwaita ne yake ɗumama ka ba, kuma ita kanta ba ta da wani zafi. Aikinta shi ne ta riƙe iska a cikin ƙananan ramukan saƙarta, jikinka ya ɗumama wannan iskar, ta zauna. Wato suwaita tana ƙara wa rigar da ba a gani kauri ne. A ɗaki ko a aji wannan ya wadatar.

Amma ɗaga suwaita ka duba ta a hasken rana, za ka ga ramuka ko'ina. Iskar kilomita 30 tana ratsa su kamar yadda ruwa yake ratsa rariya. Ta shiga ta ƙirji, ta kwashe ɗumin da ka tara, ta fice. Suwaita biyu rariya biyu ce, ta rage kaɗan amma ba ta tare ba. Shi ya sa kuɗin da Yaya ya kashe a ta biyun bai biya ba.

Akwai hanya ta biyu da iska take bi. Riga mai faɗi, kamar kaftani ko rigar makaranta da ta yi maka yawa, tana kaɗawa idan kana gudu. Duk kaɗawa ɗaya tana tura iska mai ɗumi waje ta wuya da ƙasan riga, ta zuƙo mai sanyi, kamar zugazugin maƙeri. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. A kan keke, mai sakakkiyar riga shi ne mai kayan karan.

Gumi a cikin sanyi

Na uku shi ne wanda mutane ba sa zato: gumi. Idan kana taka feda, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin da jikinka yake ƙonawa yake tafiya ga tura keken, ragowar zafi yake zama. Bayan minti 10 ko 15 jiki ya ɗau ɗumi, in ka jibga kaya sai zufa ta fara keto maka ko da gari yana digiri 12.

Ruwa yana wuce da zafi fiye da iska kusan sau 25. Singiletin auduga da ta jiƙe ta cika ramukanta da ruwa a maimakon iska, ta daina kare ka. Sannan ruwan yana bushewa, kuma bushewa da zafin jikinka take yin ta. Kowane giram ɗaya na gumi da ya bushe yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400. Giram 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, zai tafi da zafin da ya isa ya kai ruwa fiye da rabin lita ga tafasa.

Ɗazu na ce iska ba ta sanyaya busasshen abu ya wuce sanyinta. Jiƙaƙƙen abu daban ne. Ku tuna randar ƙasa: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, shi ya sa ruwan randa ya fi ɗakin da take ciki sanyi, kuma ya fi sanyi da hunturu saboda iskar a bushe take ƙayau. Idan gari yana digiri 12 kuma damshin iska kashi 30 cikin ɗari ne, jiƙaƙƙen ƙyalle da iska take bugawa zai iya sauka zuwa wajen digiri 5. Mai keken da rigarsa ta jiƙe, iska kuma tana ratsa suwaitarsa, ya zama randa mai tafiya.

Daga nan ne matsalar yatsun Yaya ta taso. Idan jiki ya ga yana asarar zafi da yawa, sai ya tsuke jijiyoyin jinin da suke zuwa hannu da ƙafa don ya tanada wa ƙirji da ciki. Hannun mai keke kuwa shi ne a gaba, a buɗe, ya riƙe ƙarfe ko roba mai sanyi, ba ya motsi. Jini ya ragu, iska tana duka, sai yatsu su yi nauyi. Alamar da za ka gane ita ce idan ka kasa haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa da sauri, ko ɓalle maɓallin riga ya gagare ka. Hannun da ya kasa ɓalle maɓalli ba zai matse birki a kan lokaci ba.

Rigar tare iska

Maganin ba ƙarin kauri ba ne. Siririyar riga ce a sama, mai matsattsiyar saƙa irin ta nailan, wadda iska ba ta ratsawa. Ita kaɗai ba ta da ɗumi, in ka sa ta a kan fata za ka ji ta da sanyi. Aikinta shi ne ta tsaya a gaban suwaita kamar katanga, iskar da suwaitar ta riƙe ta zauna inda take. Da ita, suwaita ɗaya tana yin aiki a gudun kilomita 20 kusan yadda take yi a tsaye.

Mun je 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ni da Yaya, muka yi gwajin da kowa zai iya yi. Ka kafa bakinka a jikin yadin, ka sa tafin hannu a ɗaya gefen, ka hura da ƙarfi. In ka ji iskar a hannunka sosai, rariya ce, ajiye ta. In da ƙyar ka ji wani ɗan abu, ita ake nema. Mai kayan yana ta kallonmu, har ya ce, "Samari, rigar za ku saya ko busa za ku koya?"

In kuma ko kaɗan ba ta wucewa, kuma cikin rigar yana da santsin roba irin na rigar ruwa, to a yi hattara. Irin wannan tana tare iska, amma tana kulle gumi. Za ka isa a jiƙe sharkaf, kana cire ta iska ta same ka a haka. Abin da mai keke yake buƙata shi ne gaba a rufe, baya a sake, domin ta gaba iska take zuwa, ta baya kuma zafi da gumi suke samun mafita. Shi ya sa rigunan da ake ɗinka wa masu tseren keke sukan zo da gaba mai tare iska, bayansu kuma raga-raga ko mai tsaga.

Bayan yadi, a duba abu uku. Zif ya zama yana hawa har maƙogwaro, domin buɗaɗɗen wuya mazurari ne da yake ɗura iska cikin riga. Bakin hannu da ƙugu su zama da roba ko igiyar tsukewa. Girman kuma ya zauna a jiki a kan suwaita, ba matsewa, ba kaɗawa. In ka samu mai launi mai haske ka fi, saboda a cikin hazo direban babbar mota ba ya hango mai baƙaƙen kaya da wuri. In tana da hula a haɗe, kada ka ja ta har ta rufe maka gefen ido da kunne a kan titi.

Wanda ba shi da kuɗin riga fa? Akwai tsohuwar dabara. A gasar tseren keke ta Tour de France, mahaya sun daɗe suna karɓar jarida daga hannun 'yan kallo a ƙolin dutse, su cusa a gaban riga kafin su gangaro, domin sun hau da gumi kuma za su sauko da gudu cikin iska mai sanyi. Takarda tana tare iska, tana kuma shan ɗan gumi. Ka ninka tsohuwar jarida ko takardar da babu ayoyi ko sunan Allah a jiki, ka shimfiɗa ta a ƙirji tsakanin rigar ciki da suwaita. Ta fi leda, domin leda tana tara gumi.

Yadda Yaya yake fita yanzu

Yanzu kaya uku yake sawa, kowanne da aikinsa. A ciki rigar ƙwallo ce ta roba-roba, wadda ba ta riƙe ruwa kamar auduga. A tsakiya suwaita ɗaya, ta biyun ya bar wa ƙaninmu. A sama rigar nailan. Ya ƙara da safar hannu da hular sanyi da ta rufe kunne. Safar hannun saƙa ma rariya ce, don haka ya samo mai fata a bayanta, kuma ya gwada matse birki da ita a tsakar gida kafin ya hau titi.

Idan ya fito yakan ji ɗan sanyi a minti biyar na farko, kuma haka ake so. Wanda ya ji ɗumi sosai tun a ƙofar gida ya sa kaya fiye da kima, zai jiƙe a hanya. Da ya ji jiki ya ɗau zafi, kafin gumi ya fara, sai ya sauke zif zuwa tsakiyar ƙirji. Zif ɗin shi ne maƙunnin da yake daidaita zafin da shi. Idan ya shiga miƙaƙƙen titi inda iska take gaba da shi, ko ya zo gangara inda zai daina taka feda, sai ya ja shi sama. A gangara gudu yana ƙaruwa, jiki kuma ya daina samar da zafi, don haka nan ne sanyi ya fi kama mutum. In ya isa bakin ƙofar kamfani ba ya cire rigar nan take, yakan bari jikinsa ya huce a cikinta tukuna.

Hanyar gane ko ka yi daidai ita ce ka taɓa bayanka idan ka isa. In a bushe yake ko ɗan damshi kaɗan, kayanka sun yi. In rigar ciki ta manne da fata, gobe ka rage kaya ko ka buɗe zif da wuri. In kuma ƙirjinka ya yi sanyi ƙalau alhali bayanka da ɗumi, iska tana ratsa gabanka. Da yamma, lokacin da gari ya kai digiri 28 ko 30, rigar ba ta da aiki: Yaya yakan naɗe ta ya ɗaure a kariya, kuma a hanyar komawa Sharaɗa iskar da ta wahalar da shi da safe ita take tura shi gida.

Gwada da kanka

Ku samo gorar ruwa uku iri ɗaya, ku cika su da ruwan ɗumi daga tukunya ɗaya, ba tafasasshe ba, ku rufe. Ta farko ku sa mata busasshiyar safar saƙa. Ta biyu ku sa mata irin safar, ku naɗe ta da ƙyallen nailan ko takarda a sama. Ta uku ku sa mata jiƙaƙƙiyar safa. Ku jera su a gaban fanka, ko a inda iska take kaɗawa a inuwa, tsawon minti 20. In makarantarku tana da ma'aunin zafi a ɗakin gwaje-gwaje, ku roƙi malamin kimiyya ya ara muku, ku auna kafin da bayan. In babu, tafin hannu ya isa ya nuna muku wadda ta fi riƙe ɗumi da wadda ta fi hucewa.

Ga kuma aikin gida: ɗalibi yana gudun kilomita 20 a awa, gari yana digiri 10, babu iskar gari ko kaɗan. Ku sa lambobin a lissafin da ke sama. In kun samu kusan 7.4, kun yi daidai. Sannan gobe da safe, kafin ku hau keke, ku tsaya ku lura da inda hayaƙin mai ƙosai yake karkata, ku gane ko hanyar makarantarku irin ta Bompai ce ko irin ta Challawa.